Maki Goma Sha Huɗu ga Amsar da Ta Kauce

Duk wanda ya taɓa koyar da fiziks a babbar sakandare ya san gwajin lilo. Zare ne ake ɗaurewa a jikin ƙarfe mai tsayuwa, a rataya masa ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙasa, a ɗan ja shi gefe a sake, ya yi ta kai da komo. Ɗalibai suna ce masa fendulum. Aikinsu shi ne su auna tsawon zaren, su auna lokacin da dunƙulen ke ɗauka kafin ya je ya dawo, su canja tsawon su sake aunawa, har sau biyar. Daga nan sai su fitar da adadin nan da ke nuna yadda saurin abu ke ƙaruwa idan ƙasa tana janyo shi, wanda ake rubutawa da harafin g. Littafi ya ce 9.8 ne. A Kano da kewayenta, saboda kusancinmu da layin ikwaita, ya fi kusa da 9.78, amma wannan bambanci ya fi ƙarfin agogon makaranta.

Na zaɓi wannan gwajin ne domin a cikinsa ake ganin matsalar duba rahoton firaktikal ƙuru-ƙuru: kowa a ajin ya riga ya san amsar tun kafin a taɓa zaren. Saboda haka malamin da ya buɗe rahoto ya zarce shafin ƙarshe yana neman 9.8 bai duba aikin ɗalibi ba, ya duba ko yaron ya san abin da ke cikin littafi ne kawai. Ni ma na yi shekaru ina haka, ba don mugunta ba, sai don takardu saba'in a kan tebur ga jan biro ɗaya.

Abin da ya raba ni da wannan ɗabi'a shi ne jadawalin maki, wato takarda guda da malami ke rubutawa tun kafin a shiga ɗakin gwaji, wadda ta faɗi abin da za a nema a rahoton da makin kowane abu. Nawa na wannan gwajin maki ashirin ne. Shida na hanyar aiki, takwas na alƙaluma da giraf, shida na kammalawa. Kowane kashi na sake yanka shi gida-gida, maki bibbiyu. Babu gidan da aka rubuta "ya samu 9.8" a cikinsa.

Wahalar rubuta irin wannan jadawali tana wurin kalmomi. Malamai da yawa sukan rubuta "hanya mai kyau sosai, maki shida, mai kyau, huɗu, mai rauni, biyu". Wannan bai magance komai ba, domin abin da na kira mai kyau da safe ina da ƙarfi ba shi zan kira mai kyau ba bayan la'asar na gaji. Gidan da zai yi aiki shi ne wanda za a iya ɗora yatsa a kan takardar ɗalibi a ce ga shi ko babu shi. Misali: "zanen ya nuna cewa tsawon ya fara daga inda aka maƙale zaren zuwa tsakiyar dunƙulen". Ko ya nuna, ko bai nuna ba. Malami biyu ba za su yi musu a kai ba.

Ga rahoton wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, mu bi shi tare. Amsarta ta ƙarshe 10.8 ce. Da a da ne, da na ja mata layi na ba ta takwas na wuce.

A kashin hanyar aiki tambaya ɗaya nake riƙewa: in aka ba wani yaro daga wata makaranta wannan shafin, zai iya maimaita gwajin ba tare da ya tambayi kowa ba? Zanenta ya fito sarai, kibiyar tsawon ta tsaya a tsakiyar dunƙulen, ta ambaci rula mai mita ɗaya da agogon tsayarwa. Maki biyu cif. A matakan aiki ta faɗi tsawo biyar da ta yi amfani da su, santimita 40, 60, 80, 100 da 120, ta ce ta auna lokacin kai da komo ashirin a kowanne, sau biyu. Sai ta ƙara wata jimla: tana sakin dunƙulen ta danna agogo ta ce "ɗaya".

A nan na tsaya. Lokacin da aka saki dunƙulen bai yi tafiya ko ɗaya ba tukuna, saboda haka abin da ya kamata a ce shi ne "sifili", sai ya je ya dawo sannan a ce "ɗaya". Wanda ya fara da ɗaya, in ya kai ashirin ya tsayar da agogo, goma sha tara ya ƙirga. Na cire mata maki ɗaya a wannan gidan, na ja layi a ƙarƙashin jimlar. Amma a lura da wani abu: don ta rubuta abin da hannunta ya yi ne na iya gano kuskuren. Da ta kwafo matakan daga littafi kamar yadda rabin ajin suka yi, da shafin ya fito tsaf, ni kuma da ban san inda 10.8 ta fito ba har yau.

Gida na uku na matakan kiyayewa ne. Ta rubuta cewa ta ja dunƙulen kaɗan ne kawai, ba ta faɗi kaɗan ɗin nawa ba ne, sannan ta ce ta "kauce wa kurakurai". Jimla ta biyu iska ce, ba ta ɗauke da komai. Ta farko tana da tushe, domin lissafin lilo yana tsayawa daidai ne idan kusurwar jan ƙarama ce, kamar digiri goma ko ƙasa da haka. In aka ja shi da nisa lokacin yakan ɗan ƙaru. Maki ɗaya. Hanyar aiki ta tashi huɗu cikin shida. Turancinta kuwa yana ɗingishi a wurare da dama, amma ban taɓa shi ba. Yaranmu da Hausa suke tunani su rubuta da Turanci, kuma muddin na fahimci abin da aka yi, gyaran nahawu na malamin Turanci ne.

Sai alƙaluma, inda aka fi zaluntar ɗalibai ba tare da an sani ba. A tsawon santimita 100 ta samu sakan 38.0 da 38.4. A santimita 40 ta samu 24.3 da 24.0, a 120 kuma 41.9 da 41.7. Ni na san cewa lilo mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan sakan biyu ne a kowace tafiya, don haka ashirin ya kamata su kai sakan arba'in da ɗan ɗoriya. Lambobinta duk sun gaza. To, shin in sake cire mata maki a nan?

A'a. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi riƙewa da ƙarfi: laifi ɗaya, hukunci ɗaya. Kuskuren ƙirga na hanyar aiki ne, kuma an riga an biya shi a can. Abin da kashin alƙaluma ke tambaya daban ne. Shin ta rubuta abin da agogo ya nuna mata? Ta maimaita? Lambobin suna da gurbi iri ɗaya bayan ɗigo, ba 38 a nan da 38.42 a can ba? Kowane ginshiƙi na tebur yana da suna da ma'auni? A duk waɗannan ta tsaya da ƙafarta, in ban da ginshiƙi ɗaya. Ta raba matsakaicin lokaci da ashirin ta samu lokacin tafiya ɗaya, wato T, ta ninka shi da kansa ta samu T², amma ta manta ba ta sa masa ma'auni a kai ba. Maki ɗaya ya tafi. Wani zai ce ƙaramin abu ne. Lamba ba ma'auni kamar mutum ne ya ce maka ya sayo hatsi "biyar", bai ce tiya ba bai ce buhu ba.

Ɗan bambancin da ke tsakanin 38.0 da 38.4 kuwa ba aibi ba ne, shaida ce. Yatsan mutum yana makara da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan wajen danna agogo, wani lokaci ya riga, wani lokaci ya yi jinkiri. Awo biyu na gaskiya sukan saɓa da 0.2 ko 0.4. In na ga haka hankalina kwanciya yake yi.

Giraf ɗinta ya yi kyau. T² a tsaye, tsawo a kwance, ta zaɓi sikeli mai sauƙin karantawa, ɗige-ɗigen sun cinye fiye da rabin takardar, ba su taru a lungu ɗaya kamar kaji a akurki ba. Ta ja miƙaƙƙen layi guda da rula ta tsakiyarsu, wasu sama kaɗan wasu ƙasa kaɗan, maimakon ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karkacewa. Wajen auna hawan layin, abin da ɗalibai ke kira silof, ta zana babban alwatika wanda ya kama kusan dukan layin. Dalilin nacewa a kan babba shi ne, kuskuren karanta rabin ƙaramin gida a takardar giraf ba ya canjawa. In alwatikan ƙarami ne sai kuskuren ya zama babban kaso na amsar. Waɗannan su ne abubuwan da masu duba firaktikal na WAEC da NECO ke sa wa ido, don haka gara yaro ya saba da su tun yana aji biyu. Ta samu hawan 3.64. Alƙaluma, bakwai cikin takwas.

Kammalawa ita ce inda ake gane wanda ya fahimci abin da ya yi. Dangantakar da ake aiki da ita ita ce T² = 4π²L/g, wato in ka raba 4π², wanda ya kai kimanin 39.5, da hawan layin, ka samu g. Ta raba 4π² da 3.64 ta samu 10.8, ta sa ma'auninsa daidai, m/s². Lissafin ba shi da tangarɗa, kuma daga nata giraf ɗin ya fito. Maki biyu cif, duk da cewa amsar ba ta littafi ba ce.

Gida na biyu yana son a kwatanta da adadin da aka sani, da lamba. Ita ta rubuta cewa amsarta "ta yi kusa da 9.8". Ba ta yi kusa ba. Tazarar ɗaya ce cur, wato kusan kashi goma cikin ɗari, kuma abin da nake so ta rubuta ke nan. Na ba ta ɗaya don ta tuna da kwatantawa.

A gida na ƙarshe ne ta faɗi warwas, kuma a nan yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Ana so ta faɗi abin da ya jawo tazarar, ya kuma zama dalilin ya dace da alƙalumanta. Ta rubuta abin da kowa ke rubutawa: iska da kuskuren ɗan Adam. Mu gwada su. Makarar yatsa ta 0.2 a cikin sakan 38 kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Da yake ana ninka T da kansa, sai ya zama kashi ɗaya. Ina ɗaya ina goma? Iska kuwa, da ta yi tasiri, da ta warwatsa ɗige-ɗigen ne, wannan sama wancan ƙasa. Nata suna zaune lafiya a kan layi, sai dai layin gaba ɗaya ya kwanta fiye da yadda ya kamata. Kuskuren da ke tura dukan awo gefe ɗaya ba na tsautsayi ba ne, wani abu ne da ake maimaitawa kowane karo. Ba maki a wannan gidan. Kammalawa uku cikin shida, jimla goma sha huɗu cikin ashirin.

Da na mayar mata da takardar ta ga layin da na ja, sai ta biyo ni.

"Malam, to ai ashirin na ƙirga."

Na ce, "Ke, ɗauko zaren ki sake shi, ki ƙirga yadda kika yi ranar, ni kuma zan riƙa ɗaga yatsa duk dawowa."

Ta kai biyar, yatsuna huɗu ne a sama. Ta yi shiru. Na ce ta je ta raba lokutanta da goma sha tara maimakon ashirin. Washegari ta kawo 9.8, daga lambobin nan dai da ta auna da hannunta.

Irin wannan karatun alƙaluma yana zuwa da daɗewa a aikin. In na ga g ta kai wajen 39, ba na ko duba hanya, na san yaron ya ƙirga zuwa a matsayin ɗaya, dawowa a matsayin biyu. Lokacinsa ya rabu biyu, amsarsa ta ninku huɗu. In layin ya miƙe lafiya amma ya ƙi bi ta mahaɗar sifili, ya yanka ɗan sama da ita, galibi an tsayar da rula ne a saman dunƙulen ba a tsakiyarsa ba. Abin sha'awa shi ne wannan kuskuren ba ya taɓa hawan layin, don haka g takan fito daidai. Shi ya sa ake wahalar zana giraf maimakon a yi lissafi da awo ɗaya.

A cikin tarin nan akwai wani rahoton da ya fi na yarinyar kyau nesa ba kusa ba. Rubutu kamar na inji, amsa 9.80. A santimita 100 ya rubuta sakan 40.14, da ya maimaita ya sake samun 40.14. Haka dukan tsawo biyar ɗin, kowane awo da tagwayensa, kowane ɗigo a kan layi daram. Agogon da na raba musu kuwa gurbi ɗaya yake nunawa bayan ɗigo. Na ɗauki kalkuleta na sa g ta zama 9.8 na yi lissafin da baya, sai ga 40.14 ta fito. Daga amsa ya faro ya gangaro zuwa tebur.

A nan jadawalin maki yana taimako, amma bai isa shi kaɗai ba. Yana taimako domin babu gidan da ke biyan kusanci da littafi, saboda haka ƙirƙirar lambobi ba ta saya wa yaro komai. Bai isa ba domin in aka bi gidajen ido rufe, tebur ɗinsa yana da suna, yana da ma'auni, yana da maimaici, zai kwashe takwas. Ban kira shi maƙaryaci a gaban aji ba, ban kuma rubuta haka a takardarsa ba, don zato ko ya yi ƙarfi zato ne. Na bar kashin alƙaluma ba maki, na rubuta masa ya same ni a ɗakin gwaji lokacin tara. Ya sake gwajin ina tsaye, lambobinsa suka saɓa kamar na kowa, ya samu 9.5, na duba wannan na ba shi makinsa. Tun daga zangon nan na ƙara sharaɗi ɗaya a saman jadawalin: takardar da aka rubuta awo a kanta ranar gwaji, da biro, da sa hannuna kafin a fita, dole a maƙala ta a rahoton. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a rubuta sabon a gefe, kada a goge.

Ban cika ganin laifin irin wannan yaron ba. Mu muka koya masa cewa amsar littafi ce ke kawo maki, shi kuma ya ɗauki darasin.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar makarantunmu. Inda kayan aiki ba su wadata ba, yara shida ko takwas ke taruwa a kan zare ɗaya da agogo ɗaya. Tebur ɗinsu zai zama iri ɗaya, kuma wannan ba satar amsa ba ce. Abin da nake yi shi ne in ɗauki lambobin a matsayin na rukuni, amma giraf da kammalawa kowa nasa. In na ga alwatika iri ɗaya a wuri ɗaya a takarda shida, da jimlar ƙarshe kalma da kalma, to wannan wani zance ne. Nakan kuma sa su rubuta wa ya riƙe agogo, wa ya ƙirga, domin a gwaji na gaba a juya. In ba haka ba, akwai yarinyar da za ta gama sakandare ba ta taɓa danna agogon ba.

Game da yadda ake cin tarin takardun kuwa, dabara biyu suka fi yi mini amfani. Ta farko, ba na duba rahoto ɗaya daga farko zuwa ƙarshe sannan in ɗauki na gaba. Nakan bi hanyar aiki ta dukan ajin, sannan in dawo in bi alƙaluma, sannan kammalawa. Haka ma'aunin ba ya zamewa, kuma kyawun rubutun shafin farko ba ya bin yaro da alheri har shafin ƙarshe. Ta biyu, kafin in fara nakan zaro takardu biyar in ba abokin aikina mai koyar da kemistiri ya duba da jadawalina, ni ma in duba, ba tare da mun ga makin juna ba. In mun saɓa da fiye da maki biyu a wata takarda, ba ma tsayawa gardamar wa ya fi gaskiya, sai mu nemo gidan da ya raba mu mu gyara kalmominsa. Gidan matakan kiyayewa sau biyu muna sake rubuta shi kafin ya zauna. Yanzu cewa yake a ambaci mataki biyu da suka shafi wannan gwajin kansa, kowanne da yadda aka yi shi.

Jadawalin kuma ba sirri ba ne. Ina rubuta shi a allo ranar da za a shiga ɗakin gwaji, su kwafe a bayan littafinsu. Wani abokin aiki ya taɓa ce mini wannan ai ba su amsa ne. Na nuna masa gida na ƙarshe, wanda ke cewa dalilin tazara ya dace da girman tazarar da kuma ɓangaren da ta karkata, na ce ya nuna mini amsar da ke ciki. Yaro zai iya haddace wannan jimlar, amma ba zai cika gidan ba sai ya zauna da nasa lambobin ya tambaye su.

Wani lokaci kuma ɗalibi yakan zo da abin da jadawalin bai tanada ba. A zangon da ya biyo baya yarinyar nan ta rubuta a ƙasan wani rahoton cewa ta lura zaren yana ɗan zamewa daga maƙalarsa, don haka ta sake auna tsawon bayan kowane awo, ta tarar ya ƙaru da milimita uku a na ƙarshe, ta yi aiki da sabon adadin. Babu gidan wannan a takardata. Na rubuta mata a gefe cewa na gani, na kuma ƙara layi ɗaya a jadawalin shekara mai zuwa.